Man gyaɗar Hajiya: yadda shafi huɗu na labari ke komawa shawara mai hujja

Lamarin da za mu bi a nan na aji ne. Ina ba da shi ga ɗaliban da ke karatun harkar kasuwanci a Gombe, kuma na gina shi ne a kan irin ƙananan masana'antun matse man gyaɗa da kowa ya sani a garin. Alƙaluman da ke ciki na darasi ne, an daidaita su don lissafi ya fita sumul, saboda haka kada wani ya ɗauke su a matsayin farashin kasuwar yau. Shafi huɗu ne da jadawali uku, kuma tambayar da ke ƙarshensa ɗaya ce: wace shawara za ka ba mai kamfanin, kuma me ya sa?

Ga labarin a taƙaice. Wata Hajiya tana da injin matse gyaɗa a Gombe. Tana sayen gyaɗa a Tudun Hatsi da kasuwannin ƙauye, ta matse, ta tace, ta zuba a jarka mai lita 5 da tambarinta da lambar NAFDAC, tunkuzar kuma ta sayar wa masu ƙuli-ƙuli da masu kiwo. Shaguna 60 ne ke karɓar kayanta. Bara tana sayar da jarka 1,200 a wata, bana ta dawo 800. Ta ware naira miliyan 3 don ta gyara lamarin, kuma tana so ta yanke hukunci kafin kaka, lokacin da za ta buƙaci kuɗi a hannu don sayen sabuwar gyaɗa. Mutum uku ne suka ba ta shawara. Manajanta ya ce manyan kamfanonin man girki ne suka ƙwace kasuwa, a rage farashi da kashi 10 cikin ɗari. Ɗanta ya ce a saka talla a rediyo na wata uku. Ƙanin mijinta, wanda ke zaune a Bauchi, ya ce Gombe ta ƙoshi, a buɗe ɗakin ajiya a can a shiga kasuwar Muda Lawal da ta Wunti.

Karatu na farko ba na neman amsa ba ne. Abin da ake nema shi ne a gane wa zai yanke hukunci, a kan me, da kuɗi nawa, kafin yaushe. Ina sa ɗalibai su rubuta wannan a layi biyu a saman takardarsu kafin su taɓa komai: Hajiya ce za ta yanke, naira miliyan 3 ce a hannunta, wa'adinta kaka, injinta kuma ba ya wuce lita 7,500 a wata. Wannan adadi na ƙarshe yana can ɓoye a shafi na biyu, cikin sakin layin da ke ba da tarihin yadda aka sayo injin, kuma mafi yawan masu karatu suna tsallake shi don sun ɗauka surutu ne. Alhali shi ne zai kashe ɗaya daga cikin shawarwarin nan uku, kamar yadda za mu gani.

A karatu na biyu ake ɗaukar biro kala biyu. Kala ɗaya na abin da aka ƙirga ko aka gani da ido, ɗayan na abin da wani ya faɗa. Cewa ciniki ya sauka daga 1,200 zuwa 800, wannan an ƙirga shi. Cewa manyan kamfanoni ne sanadi, wannan maganar manaja ce, kuma babu adadi ko ɗaya a bayanta. Cewa Bauchi za ta sha jarka 300 a wata, ƙiyasin ƙanin miji ne, mutumin da shi zai riƙe ɗakin ajiyar idan an buɗe. Ba ana cewa ƙarya suke yi ba. Ana dai tuna cewa mai rubuta lamari da gangan yake saka ra'ayoyi a bakin mutanen da ke ciki, don ya ga wanda zai haɗiye su ba tauna. Takardun da suka fi rauni su ne waɗanda ke farawa da "matsalar kamfanin ita ce gasa daga manyan kamfanoni", wato ɗalibi ya kwafi maganar manaja ya mayar da ita sakamakon bincikensa.

Raguwar ciniki kanta ba ita ce matsalar ba, alama ce. Wanda ya rubuta "matsalar ita ce ciniki ya ragu" bai faɗi abin da Hajiya ba ta sani ba. Ita ce ke ƙirga jarkokin.

Inda jarka 400 suka tafi

Jadawali na biyu ya raba shagunan gida biyu, kuma a nan aikin yake. Akwai manyan shaguna 20, irin waɗanda ke unguwannin ma'aikata da bakin manyan tituna, inda mutum ke shiga da mota ya yi sayayyar wata. Waɗannan bara suna ɗaukar jarka 600 a wata, bana 560. Sai ƙananan shagunan cikin unguwa guda 40, a wurare irin su Pantami da Bolari da Jekadafari da Tudun Wada. Su ma bara 600 suke ɗauka, amma bana 240 kacal.

Mai rubuta lamari ya tsaya a nan, bai yi ragi ba, bai yi rabawa ba. Aikin mai nazari ne ya yi. Cikin jarka 400 da suka ɓace, 360 daga shagunan unguwa suka ɓace, wato kashi 90 cikin ɗari. Babban shago ya sauka daga jarka 30 a wata zuwa 28, abin da bai taka kara ya karya ba. Shagon unguwa ya sauka daga 15 zuwa 6. Ashe kasuwar Hajiya ba duka ta lalace ba, ɓangare ɗaya ne ya rufta, ɗayan yana tsaye.

Da wannan kaɗai ana iya gwada maganar manaja. Ina ne manyan kamfanoni suka fi cika kanta da jarkokinsu? A manyan shaguna, inda man Hajiya ke zaune kusa da nasu, mai saye yana kallon duka biyun. Da su ne suka ƙwace kasuwa, a can ya kamata faɗuwar ta fi tsanani, amma a can ne ta fi sauƙi. Wannan ita ce hanyar gwada kowane zato a cikin lamari: ka tambayi kanka, idan maganar nan gaskiya ce, me ya kamata in gani a jadawali? Sai ka je ka duba ko yana nan.

Jadawali na uku jin ra'ayin mutum 100 ne da suka taɓa sayen jarkar suka daina ko suka rage. Mutum 70 sun ce har yanzu man Hajiya ya fi musu kowane. Mutum 9 ne kawai suka koma jarkar wani kamfani. Mutum 62 sun ce yanzu awo suke saye, a zuba musu a kwalba ko a leda gwargwadon kuɗin da ke hannu. Cikin 62 ɗin nan, 40 suna sayen kusan kwalba guda a mako, 22 kuma kullum suke sayen ɗan na miyar ranar. A ƙasan jadawalin an ƙara da cewa an tsayar da wasu mutum 100 daban a ƙofar shagunan unguwa, 88 daga cikinsu sun san sunan man.

Ba a karɓar jadawali irin wannan ido rufe. Yaran Hajiya ne suka yi tambayoyin, kuma Bahaushe ba zai kalli yaron kamfani ya ce masa manku ba daɗi ba, don haka 70 ɗin nan a rage mata gishiri. Amma amsar awo ba ta yabon kowa ba ce, hasali ma mutum ya fi jin nauyin ya ce ƙarfinsa ya gaza, saboda haka an fi yarda da ita. Sannan tana da mai mara mata baya. A shafi na uku, wani mai shago a Bolari ya gaya wa direban da ke kai kaya cewa, "Ka gaya wa Hajiya, wadda na karɓa wancan makon ma fasa ta na yi, na sayar a awo. Wa zai ciro dubu goma sha biyar lokaci ɗaya yanzu?" Jumla biyu ne a tsakiyar labarin direba, kuma a ganina sun fi duk abin da manaja ya faɗa nauyi, domin mutumin yana ba da labarin abin da ya yi da hannunsa ne. Lamarin ya kuma ambaci yadda kuɗin mota da na abinci suka tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ke bayyana dalilin da ya sa mai albashi kaɗan da mai neman na yau suka daina sayayyar wata.

Yanzu ana iya rubuta matsalar a jumla guda: masu saye a cikin unguwa suna son man kuma sun san shi, amma kuɗin da ke hannunsu a lokaci ɗaya bai kai na jarka ba, Hajiya kuma jarka kaɗai take da ita. Idan jumlar matsala ta fita daidai, za ka ga ta riga ta fara tankaɗe shawarwari da kanta.

A nan ne ɗalibai ke son jibge duk jadawalin da aka koya musu. Za ka ga shafi guda na ƙarfi da rauni da dama da barazana, wani shafin na rukunan talla huɗu da Jerome McCarthy ya tsara a 1960, wato kaya da farashi da wurin sayarwa da tallatawa, wani kuma na matsin gasa guda biyar na Michael Porter na 1979. An cika kowane gurbi, amma babu gurbin da ya haifi shawara. Ni dai ba na ba da maki don an cika gurbi. A wannan lamari rukunan huɗun nan sun yi amfani sau ɗaya, kuma a layi uku: manaja yana ganin ciwon a farashi, ɗa yana ganinsa a tallatawa, ƙanin miji yana ganinsa a wurin sayarwa, hujja kuwa tana nuna kaya ne, wato girman mazubi. Tsarin Porter an yi shi ne don duban masana'anta gaba ɗaya, ba shi da abin cewa a kan ko jarka ko kwalba, sai a bar shi a littafi.

Lissafin da ke kashe shawara

Jadawali na farko shi ne na kuɗi. Hajiya tana ba shago jarka a kan naira 14,000. Man da ke ciki, bayan an cire abin da tunkuza ta kawo, yana cin 11,000. Jarkar da takardar tambari da kuɗin kaiwa suna cin 900. Abin da ya rage a kan kowace jarka naira 2,100 ne. Wannan ba riba ba ce tukuna, rara ce da za a biya haya da albashi da gyaran inji da ita, waɗanda ke cin naira 1,470,000 a wata ko an sayar ko ba a sayar ba. Raba wannan da 2,100, za ka samu 700. Sai Hajiya ta sayar da jarka 700 kafin ta fara ganin kwabo. Tana kan 800, wato ribarta ta wata naira 210,000 ce, kuma jarka 100 ne tsakaninta da asara.

Ɗauki shawarar manaja. Kashi 10 cikin ɗari na 14,000 naira 1,400 ne. A kunne kaɗan ne. Amma ba daga kuɗin gyaɗa za a cire shi ba, ba daga kuɗin jarka ba, daga rarar nan ta 2,100 zai fita, ya bar 700. An rage farashi da kashi ɗaya cikin goma, rara ta zube da kashi biyu cikin uku. Da rarar 700, sai an sayar da jarka 2,100 a wata kafin a biya haya da albashi. Injin kuwa lita 7,500 yake iya yi, jarka 1,500 ke nan. Ko da duk Gombe ta yi layi a ƙofarta, asara za ta yi kowane wata. Ga kuma matar da ke riƙe da naira 3,000, jarkar 15,000 da ta 13,500 duk ɗaya ne, ba ta iya ɗaukar ko wacce.

Tallar rediyo an yi mata kuɗi naira miliyan ɗaya da rabi. Don ta biya kanta, sai ta jawo ƙarin jarka 714 cikin wata ukun, kusan 240 a wata. Talla tana aiki ne idan mutane ba su san kaya ba, ko sun manta, ko suna shakkarsa. A nan 88 cikin 100 sun sani. Za a kashe rabin kuɗin ne wajen gaya wa mutane abin da suke da labarinsa.

Ta Bauchi ta fi waɗannan biyun, kuma mai nazari na gari ba ya yi mata rashin adalci don kawai ba ita ya zaɓa ba. Tafiyar ta fi kilomita 150, kuɗin mota zai ƙara naira 500 a kan jarka, ladan dillali 600, rara ta koma 1,000. Buɗe wurin zai ci miliyan 2 da dubu 400. Idan an sayar da 300 ɗin da aka ƙiyasta, kuɗin zai dawo cikin wata 8. Ba laifi. Illarta ita ce 300 ɗin ba ta da tushe sai bakin mai son a buɗe, kuma jarkar da ta gagari mutanen Pantami babu dalilin da zai sa ta yi wa mutanen unguwannin Bauchi sauƙi. Hukuncin da ya dace da ita shi ne a ɗaga, ba a binne ba.

Shawara ta huɗu babu wanda ya kawo ta a cikin labarin, daga jumlar matsala take fitowa: a yi kwalba mai lita 1 don shagunan unguwa. Ba sabon abu ba ne a kasuwar Najeriya, madarar Cowbell ta shiga gidajen talakawa ne a shekarun 1990 ta hanyar 'yan ƙananan ledoji, lokacin da sauran ke sayar da gwangwani. Amma misalin wani kamfani ba hujja ba ne, yana dai nuna hanyar ba hauka ba ce. Hujja sai lissafi, kuma alƙaluman suna cikin takardar farashin wani mai sayar da robobi da aka manna a ƙarshen lamarin.

Lita ɗaya ta mai tana cin naira 2,200. Kwalba da murfi da tambari da kaiwa 350. Idan an ba shago a 3,000, rara 450 ce, ta ɗan ɗara 420 da lita ke bari a cikin jarka. Mai shago zai sayar a 3,300, man awo kuwa ana samun lita a 3,000, don haka mai saye zai ƙara 300 ne don ya samu tataccen mai a rufe, wanda ya tabbata ba a gauraya shi da wani abu ba. Injin cikawa da rufewa da sabon tambari za su ci miliyan ɗaya da dubu 800. Wurin matsewa akwai, tunda lita 4,000 ake yi yanzu, 3,500 suna zaune.

Yawancin ɗaliban da suka kai nan sai murna ta kwashe su. Su ce shago 40, kowanne kwalba 50 a wata, kwalba 2,000, naira 900,000, a sayi inji gobe. Abu biyu suka bari. Na farko, wasu daga cikin masu sayen jarka 240 ɗin da suka rage a unguwa za su koma kwalba, wato kwalbar za ta ci kasuwar 'yar uwarta. Idan muka ɗauka rabi za su koma, an rasa jarka 120, naira 252,000. Na biyu, ƙananan kwalabe suna son a riƙa zagaya shaguna kowane mako, sai an ƙara ma'aikaci da mai keke napep, naira 150,000 a wata. Jimla 402,000 ce za a cire kafin a yi maganar ƙari. Abin da ya rage 498,000 ne, kuɗin injin zai dawo cikin wata huɗu.

To amma daga ina 50 ɗin ta fito? Daga kan ɗalibi. Babu ta a lamarin. Wanda ya soki 300 ta ƙanin miji ba shi da bakin kafa shawararsa a kan tasa 50 ɗin. Abin yi shi ne a juya ta a ga inda za ta karye. Idan kwalba 25 kowane shago ya sayar, kuɗin shiga 450,000 ne, a cire 402,000, saura 48,000 a wata, injin zai yi sama da shekara uku bai biya kansa ba. Iyakar ba riba ba asara tana wajen kwalba 23 a shago a wata. Shawarar gaba ɗaya ashe a kan lamba ɗaya take rataye, lambar da ba wanda ya sani, kuma tazarar da ke tsakanin 25 da 50 ita ce tazarar da ke tsakanin jefa kuɗi a rijiya da ninka riba fiye da sau uku. Idan nazari ya kai ka irin wannan wuri, shawarar da ta dace ita ce a sayi sanin lambar da araha kafin a sayi inji.

Yadda takardar ke tsayuwa

Takardar da ake miƙawa ba ta bin tsarin da aka yi tunani. An yi tunani daga labari zuwa jadawali zuwa hukunci, amma ana rubutu ne daga hukunci, domin Hajiya ba ta da lokacin bin mutum shafi biyar kafin ta ji abin da yake so ta yi. Sakin layi na farko shi ne shawarar kanta. Ga yadda wata takarda mai kyau za ta buɗe:

"Ina ba Hajiya shawarar kada ta rage farashi, kada ta saka talla, ta ɗaga maganar Bauchi zuwa baɗi. Ta gwada kwalba mai lita 1 a shagunan unguwa 10 na tsawon mako 6, a cika da hannu da mazurari, a kan kuɗin da bai wuce naira 300,000 ba. Idan matsakaicin shago ya kai kwalba 10 a mako, ta sayi injin cikawa ta bazu zuwa duka 40. Idan bai kai 6 ba, ta tsaya. Abin da ya rage, aƙalla naira 900,000, ta riƙe shi don sayen gyaɗa da kaka."

Duba abin da ke cikinta: abin da za a yi, abin da ba za a yi ba, nawa, a ina, har yaushe, da alamar ci gaba da ta tsayawa. Lambobin 10 da 6 ba daga sama suka faɗo ba. Shida a mako kusan 24 ce a wata, bakin iyakar asara. Goma a mako 40 ce a wata, wadda a shago 40 za ta bar naira 318,000 bayan an cire komai, injin ya biya kansa cikin wata shida. Tsakanin 6 da 10 kuwa, a ƙara mako huɗu ana kallo. Gwada wannan da irin shawarar da aka saba gani, "kamfanin ya inganta dabarun tallansa, ya kula da bukatun abokan ciniki". Wannan za ta dace da mai sayar da siminti, ta dace da mai gidan burodi, kuma ranar Litinin da safe babu wanda zai san abin da zai fara yi da ita.

Bayan shawarar sai matsalar a jumla ɗaya, sai hujjoji ukun da suka tabbatar da ita, wato rabon shaguna da jin ra'ayi da maganar mai shagon Bolari, kowace da shafin da aka ɗauko ta. Ba a sake ba da labarin kamfanin, mai karatu ya san shi. Sai zaɓi huɗun, a auna su da ma'auni iri ɗaya: ko ya taɓa ainihin matsalar, nawa zai ci, yaushe kuɗin zai dawo, me za a rasa idan ya ƙi. Wannan na iri ɗaya yana da muhimmanci, domin dabarar da aka fi yi ita ce a auna zaɓin da ba a so da haɗarinsa, a auna wanda ake so da alherinsa. Duk lambar da mai nazari ya ƙirƙiro da kansa, kamar 50 ɗin nan da rabin jarkokin da za a rasa, ya rubuta a fili cewa zatonsa ne. Dogon lissafi ya koma ƙarshen takarda.

Tsarin aiwatarwa gajere ne amma ba a tsallake shi. Kafin kwalba ɗaya ta fita, a tabbatar rajistar NAFDAC ta ƙunshi sabon mazubin. Shaguna goman kada a zaɓo su daga waɗanda suka fi ciniki ko na abokan manaja, a gauraya masu ƙarfi da marasa ƙarfi, in ba haka ba gwajin zai yi daɗin baki. A ƙirga abin da mai shago ya sayar, ba abin da aka sauke masa ba, tunda kaya a kanta ba ciniki ba ne, balle idan bashi aka ba shi. A kuma riƙa ƙirga jarkokin waɗannan shaguna a lokaci guda, don a ga ko zaton rabi ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Makonnin farko biyu ba a cika dogara da su ba, sabon abu kowa na son ya taɓa. Idan gwajin ya faɗa cikin azumi ko gab da salla, lokacin da suya ke yawa, lambobin za su kumbura, sai a rubuta hakan a gefe.

Akwai suka guda da shawarar ba ta gama amsawa ba, kuma takarda mai gaskiya tana faɗinta da kanta. Wata ɗaliba ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, waɗannan 22 ɗin masu sayen na miyar rana fa? Wadda ke zuwa da naira 300, kwalbar 3,300 ma jarka ce a wurinta." Gaskiyarta. Kwalbar lita tana nufin mutum 40 ɗin nan masu sayen mako ne, sauran ba za ta kai gare su ba. Ƙaramar leda za ta kai, amma tana son inji daban wanda lamarin bai ba da kuɗinsa ba, kuma kuɗin mazubi yana ƙara cin rara duk lokacin da awo ya ƙanƙance. Akwai ma wata hanyar da ita ɗalibar ta kawo, a riƙa ba masu shago babbar jarka mai lita 25 su auna da kansu, tunda dama suna fasawa. Ba ta buƙatar inji ko kaɗan. Haɗarinta shi ne da zarar an buɗe murfi, Hajiya ba ta da iko a kan abin da za a zuba a ciki a sayar da sunanta, sunan nan kuwa shi ne abin da take karɓar ƙarin naira 300 a kansa. Na ba ta cikakken maki duk da ta saɓa da tawa shawarar, domin ta yi lissafin rarar lita a babbar jarka, ta faɗi haɗarin da bakinta, ta kuma ce a gwada a shago biyar da mai shagon ya yarda a riƙa ɗiban man ana dubawa ba tare da sanarwa ba.